Takardar Shiru a Gidanmu na Harobanda

Shekarar da kogi ya janye har mutane suka riƙa tsallaka shi da ƙafa daga unguwar Harobanda zuwa cikin garin Yamai, ina maimaita ajin farko a jami'a, sashen labarin ƙasa. Dokar lokacin ba ta da kwana-kwana. Ka faɗi sau ɗaya a yi maka uzuri, ka faɗi na biyu a yanke maka bursu, kuɗin tallafin karatu, a sallame ka. 'Yan makaranta suna kiran wannan dama ta biyu kartushe, wato harsashin da ya rage maka, kuma shi kaɗai ya rage mini. Akwai jarrabawar ceto bayan damina, amma ita ta kayar da ni bara, don haka ban sa rai da ita ba. In na faɗi a watan shida sai in ɗaure akwatina in koma Damagaram, in zauna ina kallon babana yana kallon sama. Ina son karatun nan ƙwarai, kuma ina tsoron komawa gida hannu biyu.

Ban samu ɗaki a makwancin ɗalibai ba, sai na kama haya a wani gidan ƙasa mai ɗaki uku, da rumfa, da madafi, da bishiyar dogon yaro guda a tsakar gida. Mu uku ne da farko. Babbarmu malamar asibiti ce, Kirista daga Dogon Dutsi, doguwa marar son wasa a fuska, amma in ta sake sai ta sa ki dariya har cikinki ya ƙulle. Yaya muke ce mata. Ta biyu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, daga Tawa, tsarata, mai rediyo mai kaset da hannun kitso da duk unguwar ta sani. Sai ni. Da fari ya tsananta, uwar 'yar Tawa ta zo ta same mu, bayan awakinta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya kuma rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Muka zama huɗu. Kowa Inna yake ce mata, har mai sayar da gawayi.

Inna ba ta iya zama shiru ba. Mace ce da ta saba tashi da aiki ta kwanta da aiki, sai ga ta a gidan da ba akuya, ba gona, ba jika. Ta kama turmi. Jar dawar taimako da ake samu a lokacin tauri gare ta kamar tsakuwa, Inna kuwa ta ɗauki surfe da dakanta a matsayin faɗa tsakaninta da dawar, kullum, da rana tsaka, daidai ƙarƙashin tagata don nan inuwa take. In ta ajiye taɓarya ta kama labari. Tana ba ni labarin awakinta da sunayensu, da wadda ta fara mutuwa da wadda ta yi ta ƙarshe, ta taga, ina zaune da kaye, littafin da nake rubuta darasi, a gabana.

'Yar Tawa kuma in ta taso daga lakwal, tun daga zaure ake jin ta. Kafin ta cire takalmi ta danna kaset. Kafin kaset ya juya masu kitso sun fara sallama, kowace da kujerarta da goyonta da gulmar da ta kwaso. Ran Asabar matan cocin su Yaya su zo gwajin waƙa a ƙarƙashin rumfa, waƙa ɗaya a maimaita ta har ni Musulma na haddace ta tsaf. Da dare a kama labaru a rediyo, a ƙure murya, domin zamanin soja ne, a nan ake jin wanda aka tuɓe da wanda aka naɗa da inda za a raba hatsi.

Duk wannan bai dame ni ba sai da aka rufe darussa aka ba mu lokacin bita. Ɗakin karatun jami'a ya cika tun da safe, wanda bai yi sammako ba sai ƙasa. Maza suna da gindin itatuwa da rana, da fitilun bakin titi da dare, su yi ta kai da kawowa da kaye a hannu. Ni mace ba zan tsaya ƙarƙashin fitilar titi motar soja ta tsaya tana tambayata katin shaida ba. Gida kaɗai nake da shi, ga zafin watan biyar wanda ko tabarma ka taɓa sai ta ƙona ka.

Wata rana da azahar na karanta shafi ɗaya har na rasa sau nawa, ban riƙe komai ba sai amon turmi. Raina ya ɓaci. Na yago takarda daga tsakiyar kaye, na ɗauki alƙalamin bik ja da shuɗi, na zauna na tsara sanarwa da Faransanci. Ban iya wani salon rubuta irin wannan abu ba sai wanda nake ji a rediyo kullum dare, shi na kwaikwaya ban ma lura ba. Na ce ana sanar da dukan mazauna gidan nan cewa daga yau an hana daka, an hana kaset, an hana baƙi, an hana hira mai ƙarfi, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza da rana, da kuma daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza da dare. Kowane "an hana" na ja masa layi da ja. Ban sa gaisuwa ba, ban faɗi dalili ba, ban ce sai yaushe ba. Na sa hannu a ƙasa da lanƙwasa kamar wani sufurefe mai mulkin gunduma. Na dama ɗan gari na manna ta a bango kusa da randa, inda kowa zai gani in ya zo shan ruwa. Na koma ɗaki ina jin na yi aikin hankali. Har yau ina nan a kan cewa abin da na roƙa ba laifi ba ne.

Yaya ce ta fara gani da ta dawo daga aiki. Ta karanta a tsaye da jakarta a kafaɗa, ta sa hannu ta ɓamɓare ta tun garin bai gama bushewa ba. Ta leƙo ɗakina ta tambaye ni ko ina son a kwashe mu gaba ɗaya. Bangon randa yana kallon ƙofar gida, duk mai wucewa yana hango shi, kuma a shekarun nan takardar Faransanci manne a bango, a gidan da 'yar jami'a take, ba ta bukatar a karanta ta kafin a kai rahoto. Wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Ta ninke takardar ta miƙa wa 'yar Tawa, a nan wahalata ta fara.

'Yar Tawa ta tsaya tsakar gida ta ƙame, ta karanta ta da muryar mai karanta komunike, sanarwar soja a rediyo, tana fassara wa Inna layi layi da Hausar Adar. Daga ranar na zama Kanar. In na fito alwala ta sara mini. In za ta yi atishawa ta zo bakin ƙofata ta nemi izni. Wannan zan iya jurewa, ni ma ba baya ba ce wajen tsiya. Abin da ban iya jurewa ba shi ne Inna. Ta ja turminta can bayan madafi cikin rana, ta daina leƙo tagata, in na gaishe ta ta amsa a taƙaice ta kau da kai. Gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin gidan da aka yi faɗa. Na samu shirun da na nema, na kuma kasa karanta ko layi ɗaya, ina zaune ina sauraren yadda ake fushi da ni.

Da abin ya ishi Yaya, ta tsare ni bayan mun ci tuwon dare.

"Ƙanwata," ta ce, "kwano guda muka ci, buta guda muka ɗauka. Mi ya hana ki buɗe baki ki ce muna kina cikin wahala? Takarda ai sai wanda ba a iya ma magana."

Na ce na yi magana ba sau ɗaya ba, ana cewa to, bayan ɗan lokaci a koma gidan jiya. Ta yarda da wannan. Ta ce magana tana bin iska a gidan da mutane ke shiga da fita, saboda haka takardar tana da amfani, amma sai an fara zama an yarda, sannan a rubuta abin da aka yarda don kada a manta. Ni na fara da ƙarshe. Ta kuma ce a wurin Inna takarda ba ta taɓa zuwa da alheri ba, ko haraji ne ko sammaci, ga shi yarinyar da take ba labarin awakinta ta aiko mata da guda.

Washegari bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Yaya ta sa ni na fara faɗin abin da ban taɓa faɗa musu da baki ba, cewa wannan ce damata ta ƙarshe, in na faɗi an kore ni. 'Yar Tawa ta san ina maimaita aji, amma ba ta san babu na uku ba. Ta daina murmushi. Inna ta tambaya ko korar ta har abada ce, na ce ta har abada ce. Ta jinjina kai ta ce ta san irin wannan.

Sai Yaya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ƙarar da ba zai iya bari ba. Daka ba a barinsa, sai dai in ba za a ci tuwo ba, amma Inna ta ce tana iya yin surfe da hantsi ta yi ribɗi bayan la'asar. Labarun dare ba a taɓa su, ni kaina ina son ji. Kaset yana iya jira. Kitso 'yar Tawa ba za ta bari ba, da shi take cika tukunya tun zuwan uwarta, amma ta yarda ta mayar da shi zaure, kuma ta gaya wa matan su zo bayan la'asar. Yaya ta ce za ta roƙi matan coci su koma gidan wata a cikinsu har a gama. Agogon da na kafa dokata a kansa aka yi watsi da shi, domin a gidan ni da Yaya kaɗai ke ɗaura shi. Aka koma kiran salla, wanda kowa ke ji, har Yaya da shi take sanin lokacin tafiya aiki. Shiru daga azahar zuwa la'asar, sannan daga gama labaru zuwa kwanciya.

Ina shirin tashi sai Yaya ta ce saura nata. Ashe duk ranar da ta kwana gardi, aikin dare, a asibiti ta dawo da safe ta kwanta, akwai wata da ke zagaya tsakar gida tana haddace sunayen duwatsu da koguna da ƙarfi kamar mai tallar goro. Ni ce. 'Yar Tawa ta faɗi kan tabarma tana dariya, ta ce ashe Kanar ma tana da laifi a ƙasa. Na so in yi gardama, na ga gaskiya ce. Aka sa a cikin yarjejeniya cewa safiyar da Yaya ta sauko daga gardi, in yi haddata a zuci. Aka kuma ɗora mini tarar ruwa. Famfon unguwa ba ya kawowa sai da asuba, shi ma kamar hawaye, ni kuma ina tashi da wuri, don haka cika randa ya zama nawa har a gama jarrabawa.

Inna ta kawo tambayar da ta fi kowace amfani. Ta ce in lokacin shiru ya yi ni kuma ina barci ko na fita, su ma sai su zauna kamar kurame? Sai ta cire jan kallabin da ke kafaɗarta ta ce in rataya shi a ƙusar ƙofata in ina karatu, in na gama in sauke. In babu kallabi, gida na kowa ne.

A daren na sake rubuta takardar, da Hausa, da bik shuɗi kaɗai. Na riƙe ta kusan duka a kaina:

"Inna, Yaya, da 'yar'uwata, ina gaishe ku. Jarrabawata ta matso, kuma kun san ita ce ta ƙarshe gare ni. Ina roƙon ku taimake ni da shiru daga azahar zuwa la'asar, da kuma bayan labarun dare, duk lokacin da kuka ga jan kallabi a ƙofata. Ni kuma na ɗauki cika randa, kuma ba zan ɗaga murya ba safiyar da Yaya ta kwana aiki. Wannan daga gobe ne zuwa ranar da na rubuta takarda ta ƙarshe. In na takura muku ku gaya mini. Allah ya bar zumunci."

Na karanta ta a gabansu da safe. Yaya ta sa hannu, 'yar Tawa ta sa nata ta ƙara da zanen ɗan soja a gefe. Inna ta ce ita fa? Ta sa na shafa mata tawadar bik a babban yatsa ta dangwala, kamar yadda ake sa su yi wurin rabon hatsi, sai dai wannan karon tana dariya. Muka manna ta a bayan ƙyauren madafi, inda ba mai gani sai 'yan gida.

Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata, kuma Inna ce dalili. Da ta ga kallabi ya hau ƙusa sai ta ɗauki 'yar kujerarta da faifai da tsintar wake ta zauna a zaure. Mai kitso ta zo da wuri, ta koma. Mai gawayi ya buɗe baki zai yi talla, ta ɗaga masa yatsa. Wata maƙwabciyarmu Bazabarma da ta saba shigowa aron rariya ta yi ta gaisuwarsu "fofo, fofo" a bakin ƙofa, Inna ta miƙa mata rariyar ta kan dakali ta ce mata kala suru, wato sai haƙuri, kalmar Zabarmanci guda da ta koya, ta mayar da ita. Tun da ta zo Yamai ban ga bayanta ya miƙe haka ba. Ta samu abin tsaro.

Ni kuma na koyi sauke kallabin da gaskiya. Ran da na manta shi a ƙusa na yi barci, 'yar Tawa ta leƙo ta same ni baki buɗe, ta ce an kama Kanar tana cin amanar ƙasa, hukuncina wanke-wanken dare. Na kuwa yi shi. Da la'asar ta yi sai in fito, turmi ya tashi, kaset ya tashi, in zauna kusa da Inna in saurari labarin awaki da kunne biyu, domin yanzu ba ya cin lokacina. Kwanakin nan suna cikin mafi daɗin da na yi a Yamai, duk da jar dawa da zafi da tsoron da ke kwance a cikina.

Na tsara bitata bisa jerin jarrabawa da aka kafe mana tun farko. Darasin yanayi, mai lissafin ruwan sama da zanen iskoki, wanda shi ya kayar da ni bara, yana can ƙarshe, don haka na bar shi sai na gama da sauran in ba shi kwanaki shi kaɗai. Tun da gida ya yi daɗin karatu na daina leƙa jami'a.

Wata Asabar na sauke kallabi da la'asar na fito ina miƙa. Inna tana tankaɗe. Ta bari na sha ruwa, ta bari na zauna, sannan ta ce:

"Ɗiyata, wata yarinya ta zaka nemanki, mai tabarau. Jiya ma ta zo, shekaranjiya ma. Na ce kina karatu. Yau ta ce in hwaɗa miki wai an juya abin naku, na ƙarshe ya koma na hwari."

Na ajiye kofin. Mai tabarau ƙawata ce 'yar Maradi, ajinmu ɗaya, tana zaune can wajen Saga gidan kawunta, kuma da rana tsaka kaɗai take samun biyowa in ta taso daga ɗakin karatu. Na tambayi Inna me ya sa ba ta kira ni ba tun ranar farko. Ta dube ni da mamaki ta ce ai kallabi na bisa ƙusa, kuma ta dangwala hannu. Yarinyar ba ta bar saƙo ba sai yau, ita kuma ta riƙe shi har lokaci ya yi. Mu huɗu muka zauna muka tsara takardar nan, muka tuna da turmi da kaset da barcin Yaya, ba wanda ya tuna ya ce in abu na gaggawa ne a ƙwanƙwasa.

Na zari mayafi na nufi jami'a da sauri har takalmina ya tsinke a hanya. Gaskiya ne. An kafe sabon jeri a allon sanarwa, malamin yanayi zai yi tafiya, an dawo da takardarsa safiyar Litinin. Ina da yammacin nan da Lahadi.

Na dawo ina kuka, ba na ɓoye ba. Haushi nake ji, na rasa wanda zan ɗora wa. Inna ta tsaya jikin turmi ta yi zuru, fuskarta irin ta ranar da ta zo mana daga Tawa. Wannan ya sa na haɗiye abin da ke bakina. Na ce mata ba laifinta ba ne, abin da muka ce ta yi shi ta yi. Yaya ta shiga madafi da bik ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar, cewa in saƙon makaranta ne ko rashin lafiya ko gobara a buga ƙofa ko da kallabi. Sannan ta fito ta ce kuka ya isa, in ɗauko kayen.

Ranar Lahadin nan ba wanda ya duba takarda. Tun da safe Inna ta mirgina turminta zuwa gidan Bazabarmar nan, a can ta yi dakanta. 'Yar Tawa ta cire batiran rediyo ta ajiye mini a kan tabur, ta ce ga makaman ta miƙa, ta sallami masu kitson ranar duka, ita ta cika randa. Yaya ta je coci ta dawo ba ta tsaya gaisawa ba, ta zauna a bakin gadona da kayena a cinyarta tana yi mini tambaya. Ba ta san komai a darasin ba, amma ta san yadda ake tsare mutum har ya faɗi gaskiya. In na yi inda-inda ta ce in sake. Muna lissafin ruwan da ke zuba a ƙasashen da ban taɓa gani ba, gumi yana ɗiga a kan takarda, sama a waje fari fat babu ko gajimare. Da azahar Inna ta turo kwanon dambu da kopto, kwaɗon zogale, ta ƙarƙashin labule.

Litinin na rubuta abin da na iya. Tambaya ɗaya na bar rabinta. Sauran takardun suka biyo baya, kallabi yana hawa yana sauka, har ranar ta ƙarshe. Da na dawo ranar na sauke shi na wanke na mayar wa Inna. Ta ɗaura shi, ta jawo turmi daidai ƙarƙashin tagata da azahar tsaka, ta kira Bazabarmar suka yi lugude har da tafi. Na kwanta a ciki na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Sakamako ya ɗau lokaci. Kafin ya fito an yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, Inna ta fara zancen komawa gida shuka, tana ɗaure kayanta tana kwancewa. Ta ce ba ta tafiya sai ta ji. Ranar da aka kafe sunaye na tafi ni kaɗai. Na fara dubawa daga ƙasa, don na san ba a sama nake ba, kuma ban yi nisa ba na ga sunana. Da ƙyar na haye, amma na haye. Na tsaya na sake karantawa da yatsa, ƙawata mai tabarau tana jijjiga kafaɗata.

Na iso gida wajen la'asar. Tun daga zaure na ji gidan tsit. Babu kallabi a ƙusa, ranar da ke cikin takarda ta wuce tuntuni, amma su uku suna zaune ƙarƙashin dogon yaro ba mai motsi. Yaya ta musanya aiki da wata don ta kasance a gida. 'Yar Tawa tana riƙe da mataji ba kan da take tsefewa. Inna ta kifa turmi ta zauna a kansa. Suka dube ni. Na ajiye jakata a bakin randa na dubi 'yar Tawa.

"Wai rediyon nan ya lalace ne?" na ce. "Kunna mana kaset, ki ƙure shi."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, sai ta jefar da matajin ta ruga ɗaki. Kafin kaset ya kama Inna ta miƙe ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta yi ba tun kafin awakinta su mutu, har maƙwabta suka shigo ba sallama suna tambayar wa ya haihu.